Wasiƙar Farko Zuwa Ga Mai Zuba Jari: Yadda Ake Rubuta Ta A Imel

Mai ƙaramar sana'a yakan kai wani matsayi inda aiki ke fin ƙarfin jarinsa. Masu ciniki suna zuwa yana mai da su, don kayan aikinsa ba su isa ba, ko kuwa ba shi da kuɗin sayo kaya da yawa a lokaci guda. A nan ne yakan yi tunanin neman wani mai hali ya sa kuɗinsa cikin sana'ar, su ci riba tare. A da, ƙafa da ƙafa akan je, a zauna a zaure har maigida ya fito. Yanzu kuwa da yawa daga cikin manyan 'yan kasuwa, musamman a Ikko da Badun da Fatakwal da Abuja, sai ka ji sun ce, "Aiko mini a rubuce ta imel, zan duba." Wannan darasi a kan wannan wasiƙa ta farko yake, watau abin da ya kamata ta ƙunsa, da abin da ya kamata a bari sai an sadu.

Abu na farko da mai karatu zai riƙe shi ne, wasiƙar farko ba ta karɓo kuɗi. Babu mai hankalin da zai karanta saƙon mutumin da bai taɓa zama da shi ba, ya ɗauki miliyoyinsa ya aika. Iyakar abin da wasiƙar za ta iya samo maka shi ne ganawa: a ce ka zo ofis, ko a buga maka waya, ko a turo yaro ya ga shagonka. Wanda ya fahimci wannan zai ga dalilin da ya sa ake son ta gajera. Kalmomi 150 zuwa 200 sun isa. Duk abin da ba zai taimaka a kira ka ba, ajiye shi zuwa ranar ganawa.

MISALIN DA ZA MU BI

Domin kada bayani ya tsaya a iska, bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Alƙaluman da ke ciki na koyarwa ne kawai, ba farashin kasuwa ba ne. Kowa zai sa nasa daga littafinsa.

A ce ga wani tela a Agege, cikin Ikko, wanda ke ɗinka wa makarantu masu zaman kansu kayan 'yan makaranta. Bara ya ɗinka wa makarantu uku saiti 1,800, watau riga da wando ko riga da siket. Kowane saiti yana sayarwa Naira 9,000. Yadi da zare da maɓalli da ladan masu ɗinki da man janareta suna cin Naira 6,500 a kowane saiti, sai Naira 2,500 ta rage. Ke nan cinikinsa na shekara Naira miliyan 16 da dubu 200 ne, abin da ya rage bayan kuɗin kaya da lada kuwa Naira miliyan 4 da dubu 500. Daga ciki ya biya hayar shago, da gyaran kekuna, da albashin kansa, jimla Naira miliyan 2 da dubu 700. Ribar da ta tsaya ita ce Naira miliyan 1 da dubu 800.

A lura da albashin kansa da muka cire. Yawancin masu sana'a ba su yin haka. Sukan ɗauki kuɗin cefane daga aljihun shago, sa'an nan su kira duk abin da ya shigo riba. Mai zuba jari kuwa abin da zai fara tambaya ke nan, domin a kan ribar da ta rage bayan an biya kowa haƙƙin aikinsa za a yi rabo, har da mai shagon.

Wannan tela ya mai da makarantu biyu bara, masu neman saiti 1,000, don kekunansa ba za su iya gamawa kafin a koma makaranta a watan Satumba ba. Yana neman Naira miliyan 3: miliyan 1 da dubu 200 don kekunan ɗinki biyu masu lantarki, miliyan 1 da dubu 500 don sayo yadi a kan sari, dubu 300 kuma don ƙarin janareta da gyaran wayoyin wuta. Wanda yake so ya rubuta wa shi ne wani Alhaji, babban dilan yadi a kasuwar Balogun.

Zaɓen wannan Alhaji ba a banza ba ne. Mutumin da ya san yadi ba sai an yi masa dogon bayani a kan abin da ake nufi da sari ba, kuma yana iya gane gaskiyar alƙaluma da kallo ɗaya. Bugu da ƙari yana da wata riba a cikin lamarin ban da rabon ƙarshen shekara, tun da a wurinsa za a riƙa sayen yadin. Rubuta wa mutum biyar waɗanda suka san harkarka ya fi rubuta wa attajirai ɗari waɗanda ka ga sunayensu a jarida.

ABIN DA YAKE GANI KAFIN YA BUƊE

Mai yiwuwa ne a wayar hannu Alhaji zai ga saƙon, yana tsakiyar ciniki. Abubuwa uku kaɗai ke bayyana kafin ya taɓa shi: sunan mai aikowa, da kan magana, watau abin da aka rubuta a gurbin Subject, da 'yan kalmomin farko na wasiƙar. A kan waɗannan ukun zai yanke shawarar buɗewa ko wucewa.

Sai sunan mai aikowa ya zama sunanka na gaskiya ko sunan shagonka. Adireshin da ka buɗe tun kana saurayi da laƙabin da abokai ke kiranka da shi, bai dace da wannan aiki ba. Buɗe sabo kyauta ne. Kan magana kuwa kada a bar shi wayam, kada kuma a rubuta "Gaisuwa" ko "Neman taimako" ko "Gaggawa". Na farko bai faɗi kome ba, na biyu ya mai da kai mai roƙo, na uku kuwa irin kalmar 'yan damfara ce. Telanmu zai rubuta kamar haka: "Daga wajen Malam Wane: ɗinkin kayan makaranta a Agege, neman jarin Naira miliyan 3". Wanda ya karanta wannan layi ya san wa ya haɗa ku, da irin sana'ar, da wurin, da yawan kuɗin. In ba ya sha'awa, ba a ɓata masa lokaci ba. In yana sha'awa, zai buɗe da shirin karantawa.

Sunan wanda ya haɗa ku shi ne abu mafi nauyi a cikin wasiƙar duka, amma da sharaɗi. Lalle ne ka nemi izininsa tukuna, ka kuma roƙe shi ya yi wa Alhaji magana cewa saƙo yana tafe. Kusan tabbas ne Alhaji zai buga masa waya kafin ya ba ka amsa. In ya ji an ce, "Wane tela? Ban san da maganar ba," to, ƙofa ta rufe, kuma ka ɓata da mutum biyu a rana ɗaya.

GAISUWA DA DALILIN GAJARTA TA

Ɗabi'armu ce a wasiƙa mu buɗe da gaisuwa mai yawa, a tambayi lafiyar iyali da yara da gajiya da kasuwa, kafin a ce "bayan haka". Wannan ladabi ne mai kyau, ba a ce a yar da shi ba. Amma tun da kalmomin farko ne ke bayyana a fuskar waya, in gaisuwa ta cinye layi biyar, Alhaji ba zai ga kome ba sai gaisuwa. Sallama da "ranka ya daɗe" da fatan alheri a layi ɗaya sun wadatar. Sauran gaisuwar a kai ta da baki.

In wanda kake rubuta wa ba ya jin Hausa, rubuta masa da Turanci mai sauƙi, ko ka sami wanda zai fassara maka. A nan mai aikin fassara yana da gargaɗi guda: ka hana mai fassarar yi wa wasiƙar ado. Gaisuwar da ke da daɗi a Hausa, in aka juya ta kalma da kalma zuwa Turanci, takan fito da kirari da yabo irin wanda aka san wasiƙun damfara da shi. Ka sa ya karanta maka abin da ya rubuta, ka tabbatar alƙalumanka ba su sāke ba.

GA WASIƘAR

Assalamu alaikum Alhaji, ranka ya daɗe, da fatan ana lafiya.

Malam Wane, shugaban ƙungiyarmu ta teloli, shi ya ba ni adireshinka, ya ce ya yi maka maganata. Ni tela ne a Agege, ina ɗinka wa makarantu kayan 'yan makaranta tun 2019, na kuma yi rajistar sunan kasuwancina a 2021.

Bara na ɗinka wa makarantu uku saiti 1,800. Ciniki ya kama Naira miliyan 16 da dubu 200, ribar da ta rage bayan an cire kome har albashina Naira miliyan 1 da dubu 800. Na mai da makarantu biyu masu neman saiti 1,000 saboda ƙarancin kekuna. Ɗaya daga cikinsu ta ba ni takarda cewa tana so bana.

Ina neman Naira miliyan 3 don kekuna biyu masu lantarki, da yadi a kan sari, da janareta. A shirye nake in mai da sana'ar kamfani, in ba da kashi ɗaya cikin huɗu. Matsalar harkar ita ce makarantu rabi suke biya kafin aiki, ragowar sai an koma karatu.

Ko za ka ba ni minti 20 a makon gobe in kawo littafin ciniki da takardun banki ka duba? In ya fi maka sauƙi, a turo wani ya ga shagon.

Na gode. Wane ɗan Wane, tela, Agege, da lambar waya.

YADDA MAI KUƊI ZAI KARANTA TA

Yanzu mu koma bayan teburin Alhaji mu ga lissafin da zai yi, domin wanda bai san wannan lissafi ba bai san abin da ya rubuta ba.

Zai ce: in an sami ƙarin saiti 1,000, kowane yana barin Naira 2,500, ƙarin Naira miliyan 2 da dubu 500 ke nan. Amma ƙarin kekuna yana jawo ƙarin gyara, watakila da ƙarin ɗaki. A cire kamar dubu 700, sai miliyan 1 da dubu 800 ta rage. A haɗa da ribar da ake samu yanzu, miliyan 3 da dubu 600 ke nan a shekara. Kashi ɗaya cikin huɗu na wannan Naira dubu 900 ne. Ke nan kuɗina miliyan 3 zai dawo a cikin shekara uku da wata huɗu, in kome ya tafi daidai. In kuwa makarantun nan biyu ba su zo ba, aka tsaya a ribar bara, rabona dubu 450 ne, sai na yi shekara shida da wata takwas ina jira.

Sa'an nan zai auna wannan da abin da kuɗin zai yi masa a wani wuri: in ya bar shi cikin cinikin yadinsa, ko ya sayi takardun lamuni na gwamnati, inda ba ya fargabar keke ya lalace ko makaranta ta ƙi biya. Zai kuma tuna da tsadar kaya. A shekarar 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ya haura kashi 30 cikin ɗari, watau Naira dubu 900 ta baɗi ba za ta sayi abin da takwararta ta bana ke saye ba. Saboda haka kada tela ya ɗauka kashi ɗaya cikin huɗu kyauta ce babba ya yi. Watakila Alhaji ya nemi ɗaya cikin uku, ko ya ce zai ba da yadin bashi maimakon tsabar kuɗi. Wannan ciniki ne na ranar ganawa. Abin da ake bukata a wasiƙa shi ne a faɗi adadi, domin akwai wata ma'ana a ɓoye cikinsa: wanda ya ce a ba shi miliyan 3 a kan kashi ɗaya cikin huɗu, ya ce ke nan sana'arsa duka, bayan an sa kuɗin, ta kai darajar miliyan 12. Ya kamata ya san ya faɗi haka, ya kuma shirya kare shi.

A lura cewa wasiƙar ba ta yi wa Alhaji wannan lissafi na gaba ba. Abin da ya riga ya faru ta ba shi, wanda ana iya bincikawa a littafi da takardun banki, ta bar shi ya yi hasashensa da kansa. A ganina wannan ya fi ƙarfi nesa. Ɗan kasuwa ya fi amincewa da lissafin da ya yi da hannunsa bisa wanda aka miƙo masa a shirye, kuma alƙalumman gobe kowa yana iya ƙaga su. Jimlar nan ta takardar da makaranta ɗaya ta bayar ita ce gadar da ke tsakanin jiya da gobe, shi ya sa aka sa ta. Da babu takardar, sai a ce kawai an mai da makarantu biyu, kada a ƙara kome.

Mai sabuwar sana'a, wanda bai yi ciniki ba tukuna, zai ce shi fa? Gaskiya al'amarinsa ya fi wuya, ba kuwa wata dabarar rubutu da za ta ɓoye wannan. Abin da zai sa a gurbin ciniki shi ne shekarun da ya yi yana aikin a ƙarƙashin wani, da kuɗin kansa da ya riga ya sa, da duk wani alkawarin saye da ya samu a rubuce. In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, lokacin rubuta wasiƙar bai yi ba.

Sai kuma jimlar da ta faɗi matsala. Wasu za su ce ina amfanin tona wa kai asiri tun a saƙon farko? Amsa ita ce dilan yadi ya riga ya san makarantu suna jinkirin biya. In ka yi shiru, zai ɗauka ko dai ba ka sani ba, ko kana ɓoyewa, duka biyun kuwa ba su yi maka kyau ba. Matsala guda, wadda ta fi girma, a jimla guda, ta isa.

RANCE, KO HANNUN JARI, KO RABON RIBA

Kuskuren da ya fi yawa a irin waɗannan wasiƙu shi ne a rubuta "ina neman ka taimaka da jari" ba tare da an faɗi a kan wane sharaɗi ba. Kuɗi iri uku ne. Akwai rance, wanda za a mayar ko an ci riba ko an faɗi. Akwai hannun jari, inda mai kuɗi ke zama mai wani kashi na kamfanin kansa, ya ci riba ya kuma ɗauki hasara gwargwadon kashinsa. Akwai kuma yarjejeniyar rabon riba, irin wadda malaman fiƙihu ke kira ƙiradi ko mudaraba, inda ɗaya ke kawo kuɗi ɗaya ya kawo aiki, a raba riba bisa kashin da aka amince, hasarar kuɗi kuwa ta hau kan mai kuɗi muddin mai aiki bai yi sakaci ko ha'inci ba. A wannan tsari ba a yanka wa mai kuɗi wani adadi tsayayye a wata; kashi ake yankawa. Ka san wanda kake nema kafin ka zauna rubutu, ka kira shi da sunansa.

A nan akwai wani batu na doka da ya kamata a sani. Hukumar Rajistar Kamfanoni tana yin rajistar sunan kasuwanci, tana kuma yin rajistar kamfani, su biyun ba ɗaya ba ne. Sunan kasuwanci ba shi da hannun jari da za a sayar. Mai shi da sana'ar abu guda ne a idon doka. Kamfani ne ke da hannun jari. Shi ya sa telanmu ya ce a shirye yake ya mai da sana'ar kamfani. Da ya ce kai tsaye zai sayar da hannun jari alhali sunan kasuwanci kawai gare shi, da lauyan Alhaji ya gane nan take cewa bai san inda ya tsaya ba. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa wannan, har mutum ɗaya yana iya kafa ƙaramin kamfani mai zaman kansa. In kana da lambar rajista, wadda ke farawa da BN ga sunan kasuwanci ko RC ga kamfani, sa ta ƙarƙashin sunanka, domin kowa yana iya bincika ta a shafin hukumar.

Har ila yau doka ba ta yarda kamfani mai zaman kansa ya yi shela ga jama'a su zo su sayi hannun jarinsa ba. Wannan ƙarin dalili ne na rubuta wa kowane mutum wasiƙarsa daban. Wanda ya jera adireshi hamsin a gurbin To ko Cc ya aika, ya nuna wa kowannensu cewa ba shi kaɗai ake nufi ba, ya kuma tona adireshin mutane ga juna ba da izininsu ba. Ɓoye su a Bcc bai gyara kome ba, tun da wasiƙar da aka rubuta wa mutum hamsin ba ta iya ambaton wanda ya haɗa ka da kowannensu. Irin wannan saƙo kuwa sau da yawa akwatin Spam yake faɗawa, inda ba mai dubawa.

KADA TA YI KAMA DA TA 'YAN DAMFARA

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Masu kuɗi a ƙasar nan sun sha ganin wasiƙun zamba irin waɗanda ake kira 419, sunan da ya samo asali daga sashe na 419 na dokar manyan laifuffuka. Jama'a kuma ba su manta da tsarin MMM ba, wanda ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ya tsai da biyan mutane a watan Disamba na 2016. Mai gaskiya yana iya sa rigar maƙaryaci ba da saninsa ba, in ya yi amfani da kalmominsa.

Saboda haka kada ka ce riba tabbas ce, ko babu hasara, ko kuɗi zai ninka cikin wata shida. Kada ka ce a riƙe maganar a asirce. Kada ka ce dama ce da za ta wuce in ba a yi sauri ba, ko da kuwa lokaci yana matsa maka da gaske. Maganin matsin lokaci shi ne rubutawa da wuri: telan da ke son kekuna su fara aiki a watan Yuni don kayan Satumba, tun Fabrairu ko Maris ya kamata ya aika, domin bincike da rajista da rubuta yarjejeniya suna cin makonni. Kada kuma ka sa lambar asusunka na banki a wasiƙar farko. Ba a kai nan ba, sa ta kuwa yana nuna kuɗin kake hange, ba ganawar ba. Tayin a zo a ga shago shi ne abin da ɗan damfara ba ya iya yi, don haka aka rufe wasiƙar da shi. Gani ya kori ji.

Game da liƙa takardu a jikin saƙo, mutane da yawa ba su buɗe abin da baƙo ya liƙo, don tsoron abin da zai ɓata musu na'ura. Saboda haka duk abin da ke da muhimmanci ya kasance a cikin wasiƙar kanta. In lalle sai ka liƙa wani abu, shafi ɗaya ya isa, a sigar PDF, mai nuna ciniki da kashe kuɗi na wata wata. Cikakken tsarin sana'a mai shafi ashirin, da hotuna, da takardun banki, a bar su sai an nema.

BAYAN AN AIKA

Kafin ka danna Send, aika wa kanka tukuna, ka buɗe a waya, ka ga yadda ta fito. Duba sunan Alhaji da laƙabinsa, ka sake haɗa alƙaluman da na'urar lissafi. Sifiri ɗaya da ya ƙaru ko ya ragu ya isa ya sa a yi shakkar sauran duka.

In mako guda ya wuce ba amsa, ka tuna masa sau ɗaya. Buɗe saƙon da ka aika, ka danna Reply don tsohuwar wasiƙar ta biyo a ƙasa, ka rubuta layi biyu: kana tuni ne, kuma kana nan a shirye ranar da ya ga dama. In akwai sabon labari, alal misali makaranta ta biyu ita ma ta ba da takarda, wannan ne wurin faɗinsa. Kana kuma iya roƙon wanda ya haɗa ku ya taɓa masa magana. Bayan wannan sai ka ƙyale shi, ka rubuta wa na gaba. In ya amsa da cewa ba ya so, yi masa godiya, ka tambaye shi cikin ladabi ko ya san wani da harkar za ta dace da shi.

Akwai kuma amsar da ya kamata ta tsorata ka fiye da shiru. Masu neman jari su ma abin farauta ne. In wani, musamman wanda ba kai ka fara rubuta masa ba, ya amsa nan da nan cewa ya yarda, ba tambaya ba neman ganin littafi, har ya yi tayin fiye da abin da ka nema, sa'an nan ya ce ka fara biyan kuɗin cika takarda, ko na lauya, ko na fito da kuɗin daga banki, to, damfara ce. Haka nan in ya nemi lambarka ta BVN, ko PIN na katinka, ko lambar OTP da banki ya turo maka a waya. Mai zuba jari na gaskiya tambayoyi yake yi masu wuya, yana jan lokaci, yana neman ragi. Irin wancan saƙo kada ka goge shi. Ajiye shi yadda yake, da adireshin da ya fito da lambar asusun da aka ce ka biya a ciki, ka kai rahoto ga 'yan sanda ko Hukumar Yaƙi da Yi wa Tattalin Arziki Zagon Ƙasa, in kuwa ka riga ka ba da wata lamba ta sirri, ka sanar da bankinka a ranar.